Zanen bayanin aikin sola: akwatuna nawa, kuma me za a sa a ciki?

Hadiza: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu zane da masu haɗa sola baki ɗaya. Ana son zanen bayani wanda zai nuna wa mai gida yadda aikin saka sola ke tafiya, tun daga ranar da ya kira waya har ranar da wuta ta kama. A WhatsApp za a yaɗa shi, a kuma buga a takarda A5 don rabawa a shago. Na tsara akwatuna tara: kira, ziyara, lissafi, farashi, biyan kuɗi, sayo kaya, ɗora faranti, haɗa batir da inbata, kunnawa. Da na duba a waya sai rubutun ya koma kamar jerin tururuwa. Wanne zan cire?

Auwal: Wa alaikumus salam. Ai tara sun yi yawa, biyar ne kawai: faranti, kwantirola mai daidaita caji, batir, inbata, sai gida. Ki ja kibiya daga kowanne zuwa na gaba, ki sa rana a sama. Shi ke nan.

Injiniya Bashir: Auwal, wannan da ka kawo hanyar da wuta ke bi ce, ita kuma Malama Hadiza hanyar da aiki ke bi aka ba ta. Zane biyu ne daban. Mai gidan da zai fitar da kuɗinsa bai damu da ko kwantirola na gaban batir ko bayansa ba. Tambayoyinsa uku ne: me za ku zo ku yi a gidana, me ake so ni in yi, kuma me zan riƙe a hannu in an gama. Duk akwatin da bai amsa ko ɗaya daga cikin ukun nan ba, ki cire shi.

In kika auna taran da wannan ma'auni, "kira" ba mataki ba ne, lambar waya ce a ƙasan zane. "Sayo kaya" hidimar masu aiki ce, mai gida ba ya ganinta. "Biyan kuɗi" ya shiga cikin farashi. Faranti da batir da inbata duk haɗawa ce. Abin da ya saura: duba gida, lissafin kaya, takardar farashi, haɗawa, gwaji da miƙawa. Biyar ke nan, amma ba biyar ɗin Auwal ba.

Auwal: To na fahimta. Amma duk da haka a sa nawa ko ƙarami ne, mutane na son ganin kayan.

Hajiya Rabi: Ka yi naka zanen daban, Auwal, kada a cusa masa. Hadiza, bari in nuna miki da lissafi abin da ya mayar da rubutunki tururuwa. Hoton da zai cika fuskar waya a tsaye fiksel 1080 ne a faɗi, 1920 a tsawo. Sama da ƙasa manhajar kanta tana ɗora suna da wurin amsawa, don haka ki bar kamar fiksel 250 a kowane ɓangare babu rubutu. Saura 1420. Take ya ci 200, layin lambar waya ya ci 120, saura 1100. Ki raba wa tara, kowane akwati ya samu 122, wanda ko kan magana da layi ɗaya ba zai ɗauka da kyau ba. Ki raba wa biyar, kowanne ya samu 220. A cikin 220 za ki sa kan magana mai girman fiksel 56 da layi biyu masu girman 40, a kuma samu sararin numfashi. Ƙasa da 40 dattijo ba zai karanta ba sai ya buɗa hoton da yatsu, kuma yawanci ba za su buɗa ba, wucewa za su yi.

Sannan ki jera su daga sama zuwa ƙasa a layi ɗaya, da manyan lambobi 1 zuwa 5 a gefe. Kar ki yi tsarin nan mai lanƙwasa kamar maciji, da ke zuwa dama ya dawo hagu. Idon wanda ya saba da ajami ko allo daga dama yake farawa, na ɗan boko daga hagu. Sama zuwa ƙasa kuwa babu mai ɓata.

Hadiza: Na gode Hajiya, wannan lissafin ya warware min. Injiniya, layi biyu kacal ke nan a kowane akwati. Me zan rubuta a na farko? Ni "za mu ziyarci gidanka" na sa.

Injiniya Bashir: Wannan bai gaya masa komai ba. Ziyarar abu huɗu ake dubawa: inda kwanon ke fuskanta da ƙarfin katakon da ke ƙarƙashinsa, inuwar da ke faɗa masa, wurin da batir da inbata za su zauna, da yanayin wayarin ɗin gidan. Layin farko ya faɗi abin da masu aiki za su yi: "Za mu duba kwano, inuwa da wayarin." Layi na biyu ya faɗi nasa: "Ka nuna mana duk kayan wutar da kake son kunnawa." Ki riƙe wannan tsari har ƙasa, layin sama namu, layin ƙasa nasa, da launi daban. Da ya karanta akwati biyu zai gane tsarin da kansa.

Hoton da za ki sa a gefen ma yana koyarwa, don haka kar ya yi ƙarya. Masu zane na son sa faranti a gindin bishiyar darbejiya don ya yi kyau. Faranti a jere suke haɗe, inuwar da ta rufe ɓangaren ɗaya tana rage abin da layin gaba ɗaya ke bayarwa. Ki zana tankin ruwa ko bishiya da inuwarta, ki sa farantin nesa da ita.

Malam Ɗanjuma: Kuma ya kalli gabas, tunda daga nan rana ke fitowa. Ki sa ƙaramar kibiya ki rubuta "gabas".

Injiniya Bashir: Malam Ɗanjuma, a nan kam ban bi ka ba. Wanda ya kalli gabas zai sha hantsi, amma daga azahar ya fara ja baya. Mu muna arewa da tsakiyar duniya, Kano tana wajen digiri 12, don haka in aka haɗa shekara gaba ɗaya kudu ya fi ba da wuta, da jingina ta digiri 10 zuwa 15. Jinginar tana da wani amfanin: ruwan sama na wanke ƙura ya gangara, wanda aka kwantar shamal kuwa laka ke zama a kansa.

Malam Ɗanjuma: A takarda haka ne, Injiniya. A kan kwanon mutane kuwa inda kwano ya kalla nan ake ɗorawa, ba kowa ke biyan kuɗin ƙarfen da zai juya shi ba. In ta rubuta "kudu" ƙarara, mai gidan da kwanonsa ke kallon gabas da yamma zai ce an cuce shi.

Injiniya Bashir: Wannan gaskiya ce, kuma da jingina kaɗan irin ta kwanonmu asarar ba ta kai yadda ake tsoro ba. To kar a rubuta ko wanne. A zana shi a jingine, babu inuwa, a bar maganar fuska ga ranar ziyara.

Ummi: Ni akwati na biyu nake jira. Duk rigimar da ake yi bayan an saka sola daga nan take tasowa, mai gida ya ce an ce masa "zai ɗauki komai". Layi biyu ba za su isa ba.

Injiniya Bashir: Ba za su isa ba kam. Shawarata, akwati na biyu ya ce "duba hoto na gaba", a ba lissafin hoto guda nasa, da gida ɗaya na misali. Kowane kaya a zana shi, a sa wat ɗinsa da awannin da yake aiki, a fitar da wat-awa, wato Wh:

```
8 x 10 W  x 6 = 480 Wh    ƙwan fitila
3 x 75 W  x 8 = 1800 Wh   fanka
1 x 100 W x 5 = 500 Wh    talabijin da dikoda
1 x 150 W x 8 = 1200 Wh   firij
                120 Wh    cajin waya
               4100 Wh    jimilla
```

Awa 8 na firij ba awannin da yake jone ba ne, jimillar lokacin da injinsa ke juyawa ce, tunda yana tsayawa yana tashi. Lokacin zafi zai wuce haka.

Malama, kar ki sa wannan a matsayin jerin lambobi kawai. Ki mayar da shi sanduna a kwance, tsawon kowace daidai da lambarta. In sandar fanka fiksel 900 ce, ta firij 600, ta talabijin 250, ta fitilu 240, ta waya 60. Nan take mai gida zai ga fankokinsa uku sun ci kusan ninki huɗu na fitilu takwas, abin da baki bai cika gamsar da shi ba. Da ya gani, shi da kansa zai tambayi fankar da ba ta cin wuta sosai.

Hadiza: To daga 4100 ɗin yaya ake zuwa ga yawan faranti? Ina son in sa a ƙasan sandunan.

Injiniya Bashir: A arewa ana lissafi da kamar awa 5 na cikakkiyar rana, duk da hasken ya fi haka tsawo, don ta safe da ta yamma ba su da ƙarfi. Sai a cire kashi ɗaya cikin huɗu na asara: zafi, ƙura, wayoyi, cajin batir.

```
4100 / (5 x 0.75) = 1093 W
```

Faranti biyu masu wat 550 sun ba da 1100. Sun kai, amma da ƙyar, ranar hadari ko hazon hunturu batir ba zai cika ba. Uku za ki zana.

Malam Ɗanjuma: Batir kuma biyu masu ruwa, 200Ah, da inbata 3.5kVA. Wannan haɗin kowa ya san shi, shi za ki sa, yana ɗaukar gida.

Ummi: Malam, ka lissafa dai. Batir 200Ah a bolt 12 wat-awa 2400 ne a rubuce, amma mai ruwa ba a shan fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. 1200 ke nan kowanne, biyu 2400. A gidan misalin nan abin da ake sha bayan faɗuwar rana: fitilu 480, fanka 1800, talabijin kamar 300, firij kamar 500. Ya haura 3000 tun kafin a ƙara abin da inbata ke ci da kansa. Biyu za su kashe wuta kafin asuba, ko kuma a riƙa tatse su kullum har ƙasa su mutu da wuri.

Injiniya Bashir: Ummi ta yi daidai. Da asarar inbata buƙatar ta kai wajen 3400, wato batir uku. Amma ga inda masu zane ke faɗawa rami: in inbatan na bolt 24 ne, bibbiyu ake jera batir, don haka ko biyu ko huɗu, babu uku. Na sha ganin zane da batir uku a gefen inbata mai bolt 24 don kawai uku sun fi cika wurin. Duk mai sana'ar da ya gani ya san wanda ya zana bai tambayi kowa ba. Ki zana huɗu. In kuma litiyam masu aikin ke sayarwa, guda ɗaya mai 51.2V 100Ah yana da wat-awa 5120, a sha kashi 80 cikin 100 a samu kusan 4100, ya isa, sai dai inbatan dole ya zama na bolt 48. Ki tambaye su wanne suke sakawa kafin ki zana.

Inda Malam Ɗanjuma ya yi gaskiya shi ne 3.5kVA ba zai ji nauyin gidan nan ba ko kaɗan. Duk kayan a kunne lokaci ɗaya ba su kai wat 600 ba, firij in zai tashi yana fizgar ninki uku zuwa biyar na ɗan lokaci, ko 2.5kVA ya ishe su. Amma girman inbata yana faɗin kaya nawa za a kunna lokaci ɗaya ne, batir ke faɗin awa nawa za su yi. Mutane na cakuɗa biyun. In zanen ya raba masu wannan kaɗai, ya biya kuɗinsa.

Auwal: A zana inbata kamar bakin famfo, batir kamar tanki. Famfo mai faɗi ba ya ƙara ruwan tanki.

Hajiya Rabi: Yau kam Auwal ka kawo ta. Wannan hoto ne da ba ya buƙatar rubutu.

Ummi: Kuma a ƙasan hoton lissafin a ja layi ja, a zana dutsen guga, hita da injin jan ruwa, a rubuta "waɗannan ba sa cikin lissafin". Dutsen guga ɗaya yana cin wat 1000 ko fiye, ya kusa ninka duk kayan gidan a haɗe. Kar a rubuta "an hana", don akwai haɗin da ke ɗaukarsu, kuɗinsa ne daban.

Hadiza: Na rubuta. Akwati na huɗu fa? Na sa "ɗora faranti, a jona, a kawo batir".

Malam Ɗanjuma: A'a, wannan jerin ki gyara shi. Ɗorawa a kan kwano ana iya farawa da ita, amma jonawa batir ne farko. Kwantirola daga batir take gane ko bolt 12 ne ko 24, in aka sakar mata wutar faranti babu batir tana iya rikicewa ko ta ƙone. Batir, sannan faranti, sannan kayan gida. Kashewa kuma a bi ta baya. Akwai masu ɗaukar irin wannan zanen su ce za su haɗa da kansu, kar a koya masu abin da zai ƙona kaya.

Injiniya Bashir: Haka ne, shi ya sa ma na fi son kar a faɗi jerin jonawa a zanen mai gida kwata-kwata. Abin da ya kamata ya gani a akwati na huɗu su ne ƙananan kayan da ake yanke wa don a rage farashi, don ya san ya tambaya: bireka tsakanin faranti da inbata, fis ko bireka a kan batir, na'urar kare tsawa, sandar da ake kafawa a ƙasa, da makunnin sauya layi tsakanin wutar Nefa da sola. Birekar faranti ta musamman ce, mai alamar DC a jikinta. Ta gida ba ta iya kashe tartsatsin irin wannan wutar, tana iya narkewa. Layinsa kuma ya ce: "Ka tanadi wuri mai iska, ba ɗakin kwana ba." Batir mai ruwa yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta lokacin caji, ba a kulle shi a kabad.

Na biyar shi ne wanda aka fi mantawa. Gwaji ba kunna ƙwai ɗaya a yi tafi ba ne. A kunna duk kayan da ke cikin lissafin tare, a kashe wutar Nefa a ga sauyin ya yi, a nuna wa mai gida lambobin da ke fuskar inbata da tsakar rana. Layinsa: "Ka karɓi takardar garanti da jerin kayan da aka saka."

Hajiya Rabi: Ni da za a ji tawa, da an ƙara na shida, kulawa. Wanke faranti da sassafe ko da yamma lokacin da gilashin ya huce, a hunturu ko sau ɗaya a mako, da duba ruwan batir, a ƙara tataccen ruwa ba na rijiya ba. Amma shida za su mayar da akwati 183, ya matse. A sa shi a bayan takardar A5, tunda tana da baya, waya ba ta da shi.

Tunda na ambaci takarda: kar ki miƙar da hoton wayar ki kai ɗab'i. Siffarsu ba ɗaya ba ce, na waya dogo ne siriri, A5 kuwa milimita 148 da 210. Kuma fiksel 1080 a kan faɗin 148 bai wuce ɗigo 185 a inci ba, ana son 300. Ki sake shimfiɗa shi a 154 da 216, wato ƙarin milimita 3 kowane gefe don yanka, launi a CMYK. Ruwan ɗorawa mai haske da masu sola ke so yana dushewa a takarda, kuma farin rubutu a kansa ba ya karantuwa ko a waya. Baƙi ko shuɗi mai duhu za ki ɗora masa.

Hadiza: Akwai wata matsala, Hajiya. Da na rubuta "haɗawa" da "ƙwai", ɗ da ƙ sun fito da wani salo daban, sirara, a wata wayar ma akwati ya fito.

Hajiya Rabi: Salon rubutun da kika zaɓa ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, sai manhajar ta aro daga wani. Kafin ki ƙaunaci kowane salo ki fara buga masa wannan:

```
ɓ ɗ ƙ ƴ Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ
```

Noto Sans da Andika suna da su. Ki gwada har da mai kauri, don wani salon yana da su a siriri ba shi da su a kauri. In a CorelDRAW kike, ki zaɓi rubutun ki danna Ctrl+Q ya zama zane kafin ki kai wa mai bugawa, amma ki ajiye kwafin da ake iya gyarawa. Kar kuma ki ce bari ki cire lanƙwasar ki huta. "Ƙasa" da "kasa" ba ɗaya ba ne.

Ummi: Saura akwati na uku, kowa ya tsallake shi. A sa kuɗi ko kar a sa?

Malam Ɗanjuma: A sa. Zanen da babu farashi mutane ba sa kira, suna ɗauka ya fi ƙarfinsu.

Injiniya Bashir: Kayan nan da dala ake shigo da su, farashin na motsi, hoto kuma in ya shiga WhatsApp ba ya mutuwa. Bayan wata shida wani zai zo da shi ya ce ga abin da kuka rubuta. Ni abin da zan sa shi ne abin da takardar farashi ta ƙunsa: sunan kowane kaya da girmansa da adadinsa, kuɗin aiki daban, da kwanakin da farashin zai tsaya. Mai gidan da ya san haka ba zai karɓi takardar da aka rubuta "sola cikakke" da jimilla kawai ba.

Malam Ɗanjuma: To a sa "daga naira kaza" da wata da shekara a gefensa. Wanda ya zo da tsohon hoto a nuna masa kwanan.

Hajiya Rabi: A waya zan yarda da wannan, don sauya lamba aikin minti biyu ne. A takardar da za a buga dubu kuwa a'a, sai dai a bar fili a riƙa rubutawa da biro.

Injiniya Bashir: Ni har yanzu ban gamsu ba, kwanan ƙarami ne, farashin babba, ido babban yake gani. Amma masu aikin ne za su yanke, ba mu ba.

Hadiza: Zan kai masu duka biyun su zaɓa. Yanzu hoto biyu ke nan na waya, matakai da lissafi, sai A5 gaba da baya. Kafin in tura zan ba wani wanda bai san sola ba ya duba na minti ɗaya, in karɓe wayar in ce ya faɗa min me zai faru bayan ziyara da abin da ake so ya tanada. Injiniya, in sun ce litiyam suke sakawa, faranti ukun suna nan ko su ma za su canja?

Injiniya Bashir: Ki tambaye su mafi ƙarancin bolt da inbatan ke buƙata daga faranti kafin ya fara caji, yana rubuce a gefensa. Uku a jere suna ba da wajen bolt 125 lokacin aiki, in zafi ya yi su sauka ƙasa da haka. Wasu inbatocin bolt 48 daga 120 suke farawa, to a irinsu huɗu za ki zana.